Zanen zagayen ruwa da ɗan aji huɗu zai bi da yatsa

*Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da kimiyya a aji huɗu a wata firamare da ke wajen garin Gusau, yara 62 ne a ajin. Na zana musu zagayen ruwa kamar yadda yake a littafi, suka kwafa tsaf, amma da na tambaye su ina ruwan tafki yake tafiya idan ya ƙafe, fiye da rabinsu suka ce rana ce ke shanye shi. Yaya zan zana shi kibiyoyin su fito fili, rubutun kuma ya zama gajere?*

Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara duba inda tsinin kibiyarki mai hawa sama ya tsaya. Ina kyautata zaton yana kallon rana ne, ko kuma ya tsaya a fili tsakanin rana da gajimare, bai taɓa ko ɗaya ba. Idan haka ne, yaran sun karanta zanen daidai yadda aka yi shi. Tun daga gida suke jin ana cewa rana ta shanye ruwan da aka bari a faranti, sai ga kibiya a allo ta taso daga ruwa ta nufi rana, dole su ɗauka maganar gida ce malama ta tabbatar musu.

Ni ma na taɓa yin wanda ya fi wannan. A shekarun farko na koyarwata na zana hasken rana da kibiyoyi uku masu tsini, sun sauko daga rana zuwa kan ruwa, da farin alli irin wanda na zana sauran kibiyoyin da shi. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe daga rana ruwa yake zubowa cikin tafki?" Daga ranar na kafa wa kaina doka guda a kan wannan zane, kuma ita nake koya wa ɗaliban koyon malanta har yau: duk abin da ke da tsini a zanen nan, tafiyar ruwa yake nunawa. Gindin kibiya yana taɓa inda ruwan yake, tsininta yana taɓa inda ya je. Abin da ba ruwa ba ne ba ya samun tsini. Hasken rana gajerun layuka ne kawai kewaye da ita, kamar yadda yaro ke zana rana da kansa. Layin da ke haɗa suna da abin da aka sa wa sunan shi ma ba shi da tsini. Da kin riƙe wannan, rabin ruɗanin ya tafi tun kafin ki rubuta kalma ɗaya.

Bari mu zana shi tare daga farko, a allo irin na ajinki.

Kada ki fara da kibiya. Ki fara da wuri. Ki raba allon a ranki gida uku daga sama zuwa ƙasa: na sama na gajimare ne, na tsakiya na iska ne kuma a sarari za ki bar shi, na ƙasa na doron ƙasa ne da abin da ke ƙarƙashinsa. Gidan tsakiyan nan shi malamai suka fi ƙwara, su cika shi da bishiyoyi da tsuntsaye da gidaje, sai lokacin zana kibiyoyi ya zo a rasa inda za a sa su. A aji mai yara 62 kawunan na gaba suna tare gindin allo, don haka ki bar kamu biyu daga ƙasan allon ba komai, na baya ba za su gani ba ko kin rubuta.

A gefen hagu ki zana babban ruwa, ya ci kamar kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin zanen, ki yi masa layukan igiyar ruwa biyu ko uku. Daga bakinsa ki ja layin ƙasa yana ɗan hawa a hankali zuwa dama, har ya ƙare da tudu. Tudu irin namu nake nufi, ko dutse irin na Kwatarkwashi da wasu yaranki sun taɓa gani a hanya. Dogon tsauni mai farar dusar ƙanƙara a kansa da ake gani a zanen ƙasashen sanyi ki bar shi, domin zai ci miki minti goma na bayani a kan abin da ba shi ne darasin ba. Daga tudun ki gangaro da gulbi, siriri a sama, yana faɗaɗa har ya shiga babban ruwan. A tsakiyar doron ƙasan ki sa rijiya ɗaya da karan gero huɗu ko biyar, sun isa. A sama kuma gajimare biyu: ƙarami fari a hagu, saman babban ruwan, da babba a dama saman tudu, wanda za ki goga masa gefen alli ya yi kauri, shi ne hadari. Rana ƙarama ce, ki matsa da ita can kusurwar hagu, nesa da inda kibiyar hawa za ta bi.

Da wannan tsari ruwan zai hau a hagu, ya ratsa sama zuwa dama, ya sauko a dama, ya dawo hagu ta ƙasa, wato yana juyawa yadda hannun agogo ke juyawa. Babu kibiyar da za ta gitta wata.

Za ki iya tambaya me ya sa na ce babban ruwa ban ce kududdufin bayan makaranta ba, alhali shi yara suka sani. A nan akwai tarko. Idan kika zana kududdufi, tururi ya tashi daga shi ya zama hadari a samansa ya dawo cikinsa, yaro mai kaifin basira zai tambaye ki: "To Malama, a watan Maris da Afrilu da kududdufi ya fi saurin ƙafewa, don me ba a ruwa?" Zanen kududdufi ba shi da amsar wannan. Kusan kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya yana cikin teku, kuma mafi yawan tururin da ke tashi a duniya daga can yake tashi. Danshin da ke ba mu damina iska ce ke ɗebo shi daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika da dazuzzukan kudu, ta kawo shi arewa. Da hunturu iskar ta juya, tana busowa daga hamadar Sahara a bushe, shi ya sa leɓe ke tsagewa, wanki kuma ya bushe nan da nan. Don haka ki rubuta TEKU a kan babban ruwan. Kuma ke da kike Gusau kin yi dace, domin hanyar komawar ruwanku gaskiya ce da za ki iya faɗa musu da sunaye: gulbin da ya bi ta garinku yana tafiya ya haɗu da Rima a kusa da Sakkwato, ya wuce ta Argungu da Birnin Kabi, ya faɗa kogin Kwara, Kwara ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, su gangara teku. Malamin da ke Haɗeja ko Gashuwa labarinsa daban ne, ruwansu Tafkin Chadi yake nufa, shi kuwa tafkin ba shi da mafita zuwa teku, ruwansa ta sama yake tashi ko ya nutse ƙasa. Waɗannan sunaye da baki za ki faɗe su, ba su da gurbi a allo.

Abu ɗaya ki kiyaye: kada ki rubuta gabas ko yamma a zanen. Yaran sun san hadari daga gabas yake taso mana, kuma gaskiya suka sani. Iskar da ke kusa da ƙasa ita ke kawo danshi daga kudu maso yamma, amma idan hadarin ya haɗu, iskar da ke can sama ce ke koro shi daga gabas zuwa yamma. Wannan bayani ya fi ƙarfin aji huɗu, kuma idan kika sa alamar nahiya kin buɗe shi da kanki.

Yanzu kibiyoyi. Guda biyar ne, kuma ɗaya bayan ɗaya za ki zana su a gaban yaran, kina magana kina ja. Zanen da aka gama tun kafin su shigo aji hoto ne kawai a wurinsu, ba su ga ta ina aka faro ba.

Ta farko daga fuskar teku take tashi, gindinta yana taɓa ruwan, ta miƙe sama, tsininta ya shiga cikin gindin farin gajimaren. Ita kaɗai za ki yi da tsinke-tsinken layi, ɗan ja ki ɗaga hannu, ɗan ja ki ɗaga hannu, ki gaya musu dalili: ruwan da ke tafiya a nan ba a ganinsa. Ki tsaya a kan wannan sosai, domin kalmar tururi tana da nata rikici. Da kin ce tururi, yaro tukunyar tuwo yake gani, farin abu mai zafi yana tashi, sai ya yanke cewa ruwa ba ya tashi sai ya tafasa. Teku kuwa ba ta tafasa, wankin da aka shanya a igiya bai tafasa ba, amma ruwansu yana tashi. Kuma farin abin da ake gani saman tukunya ya riga ya fara komawa ƙananan ɗigon ruwa. Ainihin tururin yana daf da bakin butar shayi, a ɗan wurin nan da ba a ganin komai kafin farin ya fara. Saboda haka kada ki zana tururin kamar hayaƙi mai murɗewa. Da safe kafin darasi ki zuba ruwa rabin kofi a simintin baranda, ki kewaye jiƙon da alli, a ƙarshen darasi ki fito da su su ga da'irar ta rage ko ta bushe. Babu wanda ya ga hayaƙi, babu wuta, ruwan kuma ya tafi. Rubutun wannan kibiya: "tururi na tashi".

Mataki na biyu ba shi da kibiya, kuma da gangan ne. A nan ruwan bai sauya wuri ba, kama ya sauya. Iska mai ɗauke da tururi tana hawa tana hucewa, domin sanyi yana ƙaruwa da kusan digiri 6 da rabi a duk kilomita ɗaya da aka hau, har ta kai inda tururin zai koma ƙananan ɗigo. Taron waɗannan ɗigon shi ne gajimare. Tun da dokarmu ta ce tsini na tafiya ne, wannan mataki rubutu kawai zai samu, a gefen gindin gajimaren daidai inda kibiyar farko ta ƙare: "ya huce, ya zama ɗigo". Ki ɗiga wa cikin gajimaren alli ɗigo-ɗigo don ido ya ga abin da aka rubuta. Yara da yawa suna ɗaukar gajimare hayaƙi ne, ko wata jaka ce da ruwa ke ciki ta fashe. Ki shigo da ruwan leda mai sanyi ki ajiye a tebur, su taɓa gumin da ya feso masa, ki tambaye su ko ledar ta huje. Idan suka ce a'a, to ruwan daga ina? Daga iskar ajin. Murfin tukunya da aka ɗaga yana ɗigar ruwa shi ma kowace yarinya ta san shi.

Kibiya ta biyu tana kwance a sama, daga cikin farin gajimare zuwa cikin hadari: "iska na kora shi". Ita ce aka fi mantawa, kuma ita ce amsar yaron da ya yi tambayar watan Maris.

Ta uku daga gindin hadari zuwa kan tudu. Ki ɗan zana layukan ruwan sama a gefenta, gajeru marasa tsini, amma kibiyar guda ɗaya ce mai kauri, kuma tsininta ya taɓa ƙasa. Rubutu: "ruwan sama na sauka". Kada ki taƙaita shi ya koma "ruwa" kaɗai. A bakinmu ruwa shi ne na randa, shi ne kuma na sama, muna cewa an yi ruwa jiya kowa ya gane, amma a zanen da duk abin da ke cikinsa ruwa ne, kalmar ita kaɗai ba ta bambanta komai. Haka kalmar ƙasa: tana nufin turɓaya, tana nufin sauka, tana nufin Nijeriya. Idan kika rubuta "ruwa na zuwa ƙasa", ya dace da kibiya uku daban-daban a zanen nan, saboda haka ki guje shi.

Ta huɗu tana bin gefen gulbi daga tudu har tsininta ya shiga teku: "yana gangarawa". Ki ja ta a gefen gulbin, kada ki ɗora ta a kansa layukan su cakuɗe. Kuma ki kai ta har cikin tekun. Da yawa sukan tsayar da ita a rabin hanya don alli ya gaji ko wuri ya ƙare, sai da'irar ta zauna a buɗe, yaro ya rasa abin da ya sa ake kiran abin zagaye.

Ta biyar tana buƙatar ɗan kulawa. Tana faro daga doron ƙasa kusa da gonar, ta nutsa, sannan ta lanƙwasa hagu a ƙarƙashi ta tafi har ta ƙare a gindin gulbi kusa da teku: "yana nutsewa". Kada ki zana ruwan ƙarƙashin ƙasa kamar wani kogi ko tafki a cikin rami, domin a mafi yawan wurare ba haka yake ba. Ruwan yana zaune ne a tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa da tsagar dutse, kamar yadda yake zama a cikin soso. Ki ja layi ɗaya a kwance a ƙarƙashin ƙasa, ki cika abin da ke ƙasansa da ɗige-ɗige, ki zurfafa rijiyar har gindinta ya wuce layin. Duk yaron da ya taɓa ganin ana tonon yashin gulbi da rani ana kwarfar ruwa da ƙoƙo ya riga ya san wannan da idonsa, ki tuna masa kawai. Idan wani ya tambayi me ya sa rijiyarsu ke ƙafewa kafin damina ta faɗi, ki goge layin ki sake ja shi a ƙasa kaɗan har gindin rijiyar ya zauna a samansa. Sun ga amsar ke nan ba tare da kin ƙara kalma ba.

Kibiyar tururin da ke fita daga ganyen tsiro ki ajiye ta sai aji biyar ko shida. Idan lokacin ya zo, tsinke-tsinken layi za ki yi mata kamar ta farko, daga kan ganye zuwa gajimare, tun da shi ma ruwa ne da ba a gani.

Yadda ake jan kibiyar ma yana da muhimmanci. Ki kwantar da guntun alli ki ja da gefensa don jikinta ya kai kaurin yatsa, ta fi duk wani layi na zanen kauri. Tsinin ya zama rufaffen kusurwa uku da kika cike cikinsa, faɗinsa kamar yatsu uku. Ɗan tsinin nan mai layi biyu kamar sawun kaza yana ɓacewa daga layin zama na huɗu. Tsini ɗaya ga kowace kibiya, ko da wasa kada ki yi mai kai biyu. Idan kina da allin launi, ki ba kibiyoyin duka launi ɗaya, rawaya ta fi fitowa a baƙin allo, sauran zanen ya zauna fari. Shuɗi yana da kyau a ido idan kina kusa, amma a allon da ya koɗe na baya ba sa ganinsa. Kada kuma ki dogara da ja da kore wajen bambanta abu biyu, akwai yara, galibi maza, da ba sa rarrabe su, kuma ba za su faɗa miki ba domin su ma ba su sani ba.

Game da rubutu, iri biyu ne, kuma ina so yaro ya bambanta su tun kafin ya karanta. Sunayen wurare da manyan baƙaƙe, a cikin abin ko daf da shi: RANA, TEKU, GAJIMARE, HADARI, GULBI, RIJIYA. Rubutun kibiyoyi da ƙananan baƙaƙe, kuma kowanne aiki yake faɗa, abin da ruwan ke yi a wurin. Dalilin da na fi son aiki a kan suna shi ne yaro yana iya haddace suna bai san me ke faruwa ba, amma wanda ya karanta "yana nutsewa" ya riga ya faɗi abin da ya faru. Kalma biyu zuwa huɗu, mafi tsawonsu shi ne na gajimare mai kalma biyar. Idan kika ga rubutu ya nemi layi na biyu, bayani ne ya shigo, wurinsa bakinki ko littafin rubutunsu. Jimilla rubutu goma sha biyu ke nan, shida na wuri shida na aiki, kuma ban taɓa ganin amfanin wuce haka a aji huɗu ba.

Kowane rubutu a kwance yake, daga hagu zuwa dama, ko da kibiyarsa a tsaye take. Yaron da bai gama ƙwarewa a karatu ba, idan ya karkata kai don ya karanta rubutun da ya hau sama, ya bar bin zanen ke nan. Ki sa shi a gefen tsakiyar kibiyar, tazarar yatsu biyu, kuma ya fi kusa da tasa kibiyar fiye da kowace. Tsayin ƙananan baƙaƙe kada ya gaza santimita 5, wato yatsunki uku a haɗe. Ki sa lamba 1 zuwa 6 a gaban rubutun ayyukan, amma ki gaya musu lambar don sauƙin nuni ce, zagaye ba shi da mafari. Wata rana ki faro labarin daga rijiya ko daga hadari don su ga haka ne.

Na san abin da ke ranki: jarrabawa da Turanci za ta zo, kuma dogayen kalmomin nan na littafi za a tambaya. Za su koye su, amma a rana ta biyu. Idan sun iya bin zanen da Hausa, sai ki rubuta kalmar Turancin a ƙarƙashin kowane rubutun aiki da wani launi, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ba tare da kin goge Hausar ba. Kalmar da ta sauka a kan abin da yaro ya riga ya gane tana zama. Saboda haka tun ranar farko ki bar sarari na yatsu huɗu a ƙarƙashin kowane rubutu.

Da kin gama, ki ajiye alli ki tafi bango na baya, ki durƙusa daidai tsayin yaro a zaune ki duba. Abin da ba ki iya karantawa daga nan ba, babu shi. Ki duba ta ɓangaren taga ma, inda haske ke walƙiya a allo.

Sai gwajin yatsa, wanda na fi yarda da shi fiye da kowace tambaya ta baka. Ki kira yaro ɗaya, ba daga cikin masu ɗaga hannu kullum ba, ki ɗora yatsansa a teku ki ce, "Kai ɗigon ruwa ne, bi hanya ka dawo gida, kada ka ɗaga yatsa." Ke kuma ki yi shiru. Duk inda ya ɗaga yatsa ya tsallaka, akwai giɓi tsakanin tsini da abin da ya kamata ya taɓa. Duk inda ya tsaya yana waige, kibiya biyu sun yi kusa da juna ko tsini bai fito ba. Idan ya nufi rana, ki ƙara matsar da ita. A kan tudu ya kamata ya tsaya ya zaɓa, ko ya gangara ko ya nutse, wannan tsayuwar daidai ce, ki ce masa duka biyun hanya ce. Bayan yara uku sun bi, ki goge tsinin kibiyoyin duka biyar ki bar jikinsu, ki ba wasu alli su mayar. Wanda ya sa tsinin kibiyar teku yana kallon ƙasa, ko na gulbi yana hawa tudu, kin gano shi tun kafin jarrabawa ta gano shi.

Wajen kwafa a littafi nan ne zane mai kyau ke lalacewa. Yaro zai fara da rana ƙatuwa a tsakiyar shafi, kafin ya iso tudu takarda ta ƙare, sai ya cusa sauran a lungu. Ki sa su juya littafin a kwance, su ja layi biyu marasa nauyi da fensir su raba shafin gida uku kamar yadda kika raba allo, su zana wurare tukuna, ki zaga ki gani, sannan kibiyoyi, sannan rubutu. Kada a yi fenti sai an gama duka, in ba haka ba shuɗin teku zai cinye gindin kibiyar farko. Da yara 62 ba za ki iya karanta kowane littafi dalla-dalla ba, don haka idonki ya tafi wuri uku kawai: tsinin kibiyar farko ya shiga gajimare, tsinin ta gulbi ya shiga teku, hasken rana ba shi da tsini. Daƙiƙa biyar sun isa kowane littafi.

Idan kina son na kwali da za ki manna a bango, ki fara zana shi da fensir, ki bi da maka mai faɗin baki, kuma ki rubuta ayyukan shida a kan 'yan guntayen kwali daban maimakon a jikin zanen. Ranar bita sai ki raba guntayen ga yara shida, kowa ya je ya liƙa nasa a inda ya dace, sauran aji su ce daidai ne ko a gyara. Tambayar da ta fara kawo ki ma ki sake yi musu ita a ranar, amma ki canza lafazinta: maimakon "ina ruwan tafki yake tafiya", ki ce "zo ka nuna mini da yatsa inda ya tafi". Idan wani ya sake cewa rana ta shanye, ki tambaye shi wace kibiya ce ta shiga rana, ki bar shi ya nema a allon, sannan ki ce masa aikin rana shi ne ta ɗumama ruwan, shi kuma ya bi kibiya ta ɗaya.